Kwantango da bakwadeshan, wa ke da Hausarsu?

Mai Shirin Rediyo: Jama'a ku taimaka, ina haɗa shiri kan kasuwar ɗanyen mai, kwantango da bakwadeshan sun tsaya min a wuya. Na farkon shi ne kwantiragin wata mai zuwa ya fi na watan nan tsada, ɗayan kuma akasin haka. Me za mu kira su?

Ɗan Dawanau: Ai wannan tsohon zance ne wajenmu, ka sayi masara da kaka ka ɓoye sai bazara ta yi tsada. Ka ce "sa ran tashi" da "sa ran faɗuwa" kawai.

Hajiyar Banki: Alhaji ka kusa amma sa ran nan zai ɓatar da mutane. Yawanci ba hasashe ba ne, kuɗin sito ne da inshora da kuɗin ruwa ake ɗorawa a kan na nesa. Ga lissafi: kana riƙe da kwantiragin ɗanyen man Amurka WTI na watan nan, ganga dala 70, na wata mai zuwa 72, kai kuma ba ka son a kawo maka ganga 1,000 na kwantiragin a Cushing, garin da ake ajiyar man a Amurka, dole ka sayar da na kusa ka sayi na 72. To in farashin man hannu bai motsa ba, wancan 72 ɗin zai yi ta zamewa har ya sauko 70 ranar ƙarewarsa, dala 2,000 ta tafi a kwantiragi ɗaya alhali a labarai ana cewa mai bai faɗi ba. Kuma ba ranar canjin ake asarar ba, a hankali take cin mutum. In bakwadeshan ne ka sayi na nesa a 68, yana hawa zuwa 70, ribar taka ce.

Ɗalibi: Hajiya wato duk kwantango in yi selin kenan? ina kirifto

Hajiyar Banki: A'a ƙanena, in man hannun ya tashi zuwa 80 kai za ka sha kashi. Ka duba 20 ga Afrilun 2020, wurin ajiya ya kusa cika saboda korona, kwantiragin Mayu ya rufe a dala -37.63, na Yuni yana sama da dala 20. Masu hannun jari a USO, asusun da ke sayen kwantiragin mai, da suka ɗauka mai suka saya da araha, da man ya farfaɗo ba su ga farfaɗowar yadda suka zata ba. A 2022 bayan Rasha ta shiga Yukren kuwa na kusa ne ya yi wuta don kowa yanzu yake so. Ni dai "tsadar nesa" da "tsadar kusa" zan ce.

Mai Shirin Rediyo: Madalla Hajiya, na ɗauka. Saura shi canjin kansa, mirginawa?

Ɗan Dawanau: Mirgina kuma sai ka ce jaki a toka. Sabuntawa dai.

Hajiyar Banki: Sabuntawa kamar kwantiragin ɗaya ne aka ƙara wa wa'adi, nan kuwa wani daban ka saya. Ku kawo wata.