Wasiƙar malamin zane ga iyaye: me kuka gani a littattafan 'ya'yanku?

Maman Biyu, Gangare

Assalamu alaikum iyayen yara. A makarantar su Hassana an yi maganar a rage darasin zane a ƙara wa lissafi lokaci, har aka kawo batun a taron iyaye da malamai. Shi ne malamin zanen ya rubuto mana wasiƙa. Ga wajen da ya fi jan hankalina:

"Aikina shi ne in koya wa yaro ya dubi abu da kyau kafin ya sa fensir a takarda. In ka aje kofi a kan tebur ka ce yaro ɗan shekara tara ya zana, zai yi bakin kofin da'ira cikakkiya, domin ya san bakin kofi a zagaye yake. Amma daga inda yake zaune, siffar ƙwai ce a kwance idonsa yake gani. Yaron ya zana abin da ya sani, bai zana abin da ke gabansa ba. Wannan ɗabi'ar ce ke sa ya kwafi 63 daga allo ya rubuta 36, ko ya karanta rabin tambaya ya cike sauran da ka. A wannan zangon za mu yi ganyen mangwaro, da buta, da tukunya. Ba na buƙatar ku sayi fenti. Fensir HB, da rula, da abin gogewa, da littafin da ba shi da layi sun isa. A gida, minti goma, ku aje masa abu guda ya zana, kuma kada ku gyara masa."

Ni dai maganar ta shige ni, amma ina so in ji daga waɗanda 'ya'yansu suka wuce wannan matakin. Kun ga wani amfani a zahiri, ko kare abincinsa kawai malam yake yi?

Malamar Bayoloji, Rikkos

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni a babbar sakandare nake koyarwa, kuma wurin da nake ganin abin da malaminku ke faɗa shi ne firaktikal na Bayoloji a jarrabawar WAEC. Ana aje wa yaro abu a gabansa, a ce ya zana shi da tsawon santimita 8 zuwa 10, ya sa sunayen sassansa. Ana ba da maki a kan girman zanen, da tsabtar layi, da take, da yadda aka ja layukan sunaye, da rubuta ninki nawa aka ƙara girman.

Bari in kawo misalin fara, tunda kowa ya san ta. Na aje fara mai tsawon santimita 5. Yaron da ya saba sai ya fara auna ta da rula, ya ga cewa in ya ninka biyu ya samu 10, ya shiga cikin abin da aka nema. Sai ya ɗiga alama biyu a takarda, nan kai, nan ƙarshen ciki, kafin ya ja komai. Sannan ya duba inda kai ya tsaya, inda ƙirji ya tsaya, ya raba tsakanin alamun nan gwargwadon haka. In ya gama ya auna zanen ya raba da tsawon farar, 10 a raba da 5, ya rubuta ×2 a ƙasa.

Wanda bai saba ba daga kai yake farawa, ya yi shi ƙato, kafin ya kai ciki takarda ta ƙare, sai ya matse sauran. Babban abin da ke tona shi kuwa ƙafafu ne. Ƙafafun fara shida duk daga ƙirji suke fitowa, amma za ki ga ya jera su har ƙarƙashin ciki, saboda manyan ƙafafun baya sun miƙa ta can, shi kuma bai bi su da ido zuwa tushensu ba. Farar na gabansa, ya ci irinta da yaji ba adadi, amma bai taɓa duban ta ba. Wannan ba a gyara shi a sati biyu kafin jarrabawa, don haka ina bayan malamin.

Sai dai ki gaya masa abu ɗaya. 'Yan ajin zane su ne kuma ke zuwa min da shafa inuwa da layi mai gashi-gashi, wanda ake jan sa gutsi-gutsi. A zanen kimiyya ana rage maki a kan duka biyun. Layi guda ake so, siriri, a ja shi ba tare da ɗaga hannu ba. Ya riƙa bambance musu tun yanzu.

Baban Khalifa, Titin Bauchi

Hajiya ku bar shi ya yi aikinsa. Nawa yaron rubutunsa kamar tafiyar kaza yake a aji uku na firamare, da ya samu malamar da ke sa su jan layi da da'ira kullum da safe, kafin ƙarshen shekara ya daidaita. Zane buɗe ƙwaƙwalwa yake yi. Duk yaron da ya iya zane za ki same shi gwani a lissafi.

Malamar Bayoloji, Rikkos

Alhaji, ta rubutu na yarda da kai, riƙon fensir ɗin ɗaya ne. Ta lissafi kam ka yi nisa. Ina da yarinya da ke zana ƙashin baya kamar an buga da inji, amma rabawa ke kayar da ita, ninkin ma sai ta juya shi ta rubuta rabi. Inda yake taimakawa shi ne wajen rula da kamfas da zanen giraf. Jadawalin sau kuwa sai an zauna an haddace.

Wani Uba, Unguwar Rogo

Ni tambayata daban ce. Mun taso ana hana mu zana abu mai rai. Ranar da 'yata ta dawo da aikin gida an ce ta zana mahaifinta, na rubuta wa makarantar cewa ba da ni ba. Yanzu kuma a ce a ƙara ƙarfafa abin?

Maman Biyu, Gangare

Malam, ba a ce a ƙara ba, cewa aka yi kada a rage. Kuma in ka sake duba wasiƙar, ganye ne da buta da tukunya, babu mai rai ko ɗaya.

Wani Uba, Unguwar Rogo

Na gani, Allah Ya ba da haƙuri. Amma ga malama nan tana maganar fara. Wannan sai na kai wa malaminmu tukuna.

Tsohon Hedimasta, Bukuru

Ka kyauta da za ka tambaya, ba ni da fatawa a kai. Abin da na gani a aiki shi ne malamin zane mai hankali yana iya cika zango uku bai taɓa mai rai ba. Zayyanar da ake yi wa allo lokacin sauka, da dagin Arewa, da adon hula, duk auna tazara ne da maimaita siffa daidai wa daida.

Ni damuwata ita ce iyaye su iya gane ko darasin na gaske ne, domin yawancin abin da ake kira darasin zane kwafi ne. Malam ya zana mangwaro a allo, yara arba'in su kwafa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki karɓi littafin 'yarki da na 'yar maƙwabta da suke aji ɗaya. In buta ce aka aje a tsakiyar aji, dole zanensu ya bambanta, wata ta ga hancin butar ta dama, wata ta hagu, wata mariƙin ya ɓoye mata. In kika ga iri ɗaya sak, daga allo aka ɗauka, kuma wannan bai ba yaro komai daga abin da wasiƙar ta yi alkawari ba.

Sannan ki tambaye ta yaya take auna abu daga nesa. In an koya mata, za ta miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ta rufe ido ɗaya, ta daidaita tsinin da saman butar, ta sa babban yatsa inda gindinta ya tsaya, sai ta kwantar da fensirin ta gwada da faɗin. Da haka za ta ce miki tsayin ya fi faɗin da kaza. In ta lanƙwasa gwiwar hannu tsakanin awo biyun, awon ya ɓaci, shi ya sa butar wasu ke fitowa kamar randa.

Anti Mai Ɗinki, Dilimi

Baba Hedimasta ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A wata makaranta da na cire ɗana, duk ƙarshen zango sai a ce a kawo aikin hannu, iyaye su tafi wajen masu rubutun allon talla a biya a zana, wasu ma tsintsiya da sabulu suke kaiwa a ba da maki. Ɗana ya zauna ya yi nasa da kansa, ya karkace, aka ba shi mafi ƙarancin maki a ajin. Tun ranar bai sake taɓa littafin ba. Saboda haka Maman Biyu, ki tambayi malaminku da me yake ba da maki, kyan zanen ko abin da yaro ya lura da shi.

A shagona kuma ina ganin bambancin. Yarinyar da ta yi zane, in mai kaya ta nuna hoton riga a waya, tana iya fitar da wuyan a takarda kafin ta sa almakashi. Wadda ba ta yi ba kai tsaye take yanka, atamfar mutane ta tafi.

Tsohon Hedimasta, Bukuru

Ga shawara kuma tunda tukunya na cikin jerinsa. Gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da tarin tukwane daga sassan ƙasar nan. Muna kai yara da littafi da fensir, kowa ya zaɓi tukunya ɗaya ya zauna da ita rabin awa. Waɗanda aka zagaya da su hannu rabbana ba sa tuna komai washegari. Waɗanda suka zana kuwa za su gaya maka wacce ke da dogon wuya, wacce aka yi wa ado da igiya.

Maman Biyu, Gangare

Na gode ƙwarai. Na haɗa littafin Hassana da na ƙawarta, ganyensu ya bambanta, nata har da inda tsutsa ta ci. Amma na Usaina ƙanƙane ne a lungun takarda, duk ta goge wurin ya yi baƙi. Malam ya ce kada a gyara musu. To in zuba mata ido?

Malamar Bayoloji, Rikkos

Kada ki karɓi fensirin dai. Ki ɗiga mata alama ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, tazarar santimita 10, ki ce ganyen ya taɓa duka biyun. Ki ɓoye abin gogewar na mintin goman nan, in layi bai yi mata ba ta ja wani a gefensa. Sannan ki riƙa tambaya maimakon nunawa: jijiyoyi nawa ne a wannan gefen, suna fuskantar na ɗaya gefen ko sun saɓa? In bayan sati uku har yanzu tana matse ido ko tana kai fuska dab da takarda, a duba idonta a asibiti kafin a ɗora wa hannun laifi.