Wata bakwai ba ko ƙwayar shinkafa, ga cikon sadaki: kotu ko manya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa bin haƙƙinsu su ba ni haske. Sadakina dubu 150 aka yanka, aka ba da 100 lakadan, 50 ajalan, har yau shiru. Mijina ya tafi Legas wata bakwai ke nan, bai sake ni ba, bai aiko ko sisi ba. Da ɗinki nake ciyar da yara biyu. Baffana ya ce kai miji kotu tonon asiri ne.

Yar Fagge: Wa alaikumus salam. Yar uwa, irin wannan haƙurin ne ya cuce ni. Nawa ya yi wata 11 a Fatakwal, sai a wata na tara na kai ƙara kotun shari'a. Da ya dawo aka ba shi sammaci, ya ce ai yana aiko min ta hannun direba. Alƙali ya tambaye ni shaida kan watannin baya, ba ni da kowa. Aka ba shi rantsuwa, ya rantse, wata takwas suka bi ruwa. Daga ranar da na shigar da ƙara kaɗai aka karɓi maganata, ni ma sai da na rantse. Kuɗin wata uku na samu, shi ma kashi-kashi yake kawowa wurin rajistara.

Tsohon Magatakarda: Abin da aka yi wa Yar Fagge shi ne hukuncin Malikiyya da kotunanmu ke bi. Ciyarwar mace bashi ce a wuyan miji, ba ta faɗuwa don an daɗe, matuƙar yana da hali a lokacin. In kuwa ya tabbatar da cewa a watannin nan ba shi da komai, ta faɗi, ko ya yi arziki daga baya ba za a bi shi ba. Rigimar kullum a kan wa za a gaskata take. Matafiyi in ya ce ya aiko, maganarsa ake ɗauka da rantsuwa, har zuwa ranar da matar ta kai kuka gaban alƙali. Daga ranar magana ta koma tata. Saboda haka ƴata, ko ba raba aure kike nema ba, je ki a rubuta.

Kuɗin yara daban ne, kuma nan mata suka fi asara. Abin da kika kashe musu a baya ba ya zama bashi kai tsaye, sai in alƙali ya riga ya yanka wa uban adadi, ko kin tabbatar ba kyauta kika yi ba, da niyyar a biya ki kika kashe. Ki riƙa faɗa a gaban mutum biyu, ki ajiye rasit ɗin makaranta da na asibiti.

Abban Sadiq: Ni dai na san in mace ta kai ƙara, ita ke mayar da sadaki. Ki yi hattara kar a ce ki kawo dubu 100 ɗin.

Tsohon Magatakarda: Malam, wancan hul'i ne, inda mace ke fansar kanta. Ita haƙƙi take nema. Ajalan ɗin nan nata ne tunda an tare, ko ya mutu sai an cire shi kafin a raba gado. Amma ta nemo waliyyinta da wakilin ango da waɗanda suka ji an ambaci ajalan wurin ɗaurin aure.

Hajiyar Zinder: Ni ta hannun manya na samu nawa, ban taka kotu ba. Kawuna ya kira yayan mijin da liman, aka zauna a zaure bayan la'asar, aka ƙirga buhun hatsi da kuɗin cefane wata-wata, yayan ya ɗauki nauyi. Zama biyu aka yi a baya duk a banza, don fatiha kawai aka shafa aka watse. A na uku kawu ya sa aka rubuta, kowa ya sa hannu. Sai dai an sa na yafe kusan rabi, wai albarkacin yara. Har yau abin yana ci min rai.

Yar Fagge: Ai shi ne matsalar zaure, kunya za ta sa ki ce kin yafe, kuma in kin furta a gaban shaidu shi ke nan. A Hisba ma sulhu suke yi, in mijin ya ƙi zuwa, kotu za a koma.

Uwar Biyu: Na gode. Wakilin angon ya rasu, amma liman yana nan. To in ban san unguwar da yake a Legas ba, wa za a kai wa sammacin, mahaifinsa?