Jijiyoyin ƙwaƙwalwa 12: ku da kuka wuce nan, yaya kuka riƙe su?

Ɗalibar jinya: Salamu alaikum. Jarrabawa ta ƙarato, sunayen jijiyoyin nan sun zauna mini, amma da an ce wacce ce mai kawo saƙo, wacce ce mai motsa tsoka, sai kaina ya kulle. Yayyena, a taimaka.

Tsohon ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni da lamba na riƙe su. Taɓa hancinki, idonki, kunnenki: 1, 2, 8. Ƙanshi, gani, sai ji da daidaiton tsayuwa. Waɗannan saƙo kawai suke kawowa. Masu motsi zalla biyar ne: 3, 4 da 6 suna juya ƙwayar ido, 11 tana ɗaga kafaɗa da juya wuya, 12 tana motsa harshe. Ragowar, wato 5, 7, 9 da 10, aiki biyu suke yi, ba sai kin haddace su ba.

Ɗan aji biyu: Yaya, ai 7 ta motsi ce kawai, ita ke sa murmushi da rufe ido.

Tsohon ma'aikacin jinya: Nan na faɗi a gwajina na farko. Ita ce kuma ke ɗauko ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, 9 ta ɗauki na baya. Jin taɓi a fuska kuwa aikin 5 ne, ita ma tana motsa tsokar tauna.

Maman biyu: Ni a jikina na koya. Na tashi da safe bakina ya karkace, idon dama ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki. Gida duk an ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya ce in ɗaga gira, ta dama ta ƙi. Ya shafa mini auduga a kumatu, na ji sarai. Ya ce 5 lafiya lau, 7 ce ta samu matsala bayan ta fito daga ƙwaƙwalwa. Da a cikin ƙwaƙwalwar ne, galibi goshi zai ci gaba da motsi. Abinci ma ya daina daɗi a gefen nan na harshe. Amma don Allah kada wani ya tsaya gwada gira a gida, a tafi asibiti nan take.

Baƙo: To ciwon kan da nake yi, jijiyar nan ta gefen goshi da ke harbawa lamba nawa ce?

Maman biyu: Malam, waccan ta jini ce, ba ta cikin lissafin.

Ɗan aji biyu: Na yarda da 7. Amma 11 fa? Daga lakar wuya take tasowa, ta shiga ƙoƙon kai, sannan ta sake fita. Me ya sa ake ƙirga ta da na ƙwaƙwalwa?

Ɗalibar jinya: Kai dai bari in wuce jarrabawa tukuna. Hanci, ido, kunne: 1, 2, 8.