Shaguna tara, mota ɗaya: ta ina Kanta za ta fara?

Mai sito, Haɗejiya:
Assalamu alaikum. Muna raba taki da iri ga shaguna tara a ƙauyukan wajejen Auyo da Kafin Hausa, Kanta ɗaya, ta fita daga sito ta dawo sito. Ina da leyar hanyoyi ta OpenStreetMap a QGIS, na kuma ɗora ɗigon shagunan. Na gwada `Shortest path (point to layer)`, sai ya ba ni layi takwas duk daga sito suke tashi, shago ɗaya kuma ya ce babu hanyar zuwa. Jerin wanda za a fara da wanda zai biyo nake nema, don kuɗin gas ya ragu. Yaya ake yi?

Ɗan Kafin Hausa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba ka buƙatar wannan wahalar. Layukan nan takwas ai sun gaya maka nisan kowane shago. Ka fara da mafi kusa, daga can ka nufi mafi kusa da shi, haka har ka gama. Haka muke raba burodi tun da daɗewa.

Malama mai taswira:
Alhaji, na'urar da ka kira ta yi aikinta daidai, amma aikinta shi ne daga wuri ɗaya zuwa wurare da yawa, kowanne da tafiyarsa. Ba ta jera zango. Kafin a iya jerawa sai an san nisan kowane shago da kowane shago ta kan hanya, ba nisansu da sito kaɗai ba. Da shaguna tara da sito, wurare goma ke nan, wato nisa 45 idan zuwa da dawowa ɗaya ne. Jerin da za a iya yi kuwa 181,440 ne, shi ya sa ba a yin sa da ido.

Don ka ga yadda abin yake, zaɓo shaguna huɗu, ka auna tsakaninsu da `Shortest path (point to point)`, ka kawo mana. Nisa goma ne kacal. Ka kuma gaya mana irin kowace hanya, kwalta ce ko burji ko yashi.

Mai sito, Haɗejiya:
To Malama, ga su, na sa musu A, B, C, D. Daga sito: A kilomita 6, B 9, C 20, D 14. A zuwa B 13, A zuwa C 15, A zuwa D 19. B zuwa C 24, B zuwa D 8. C zuwa D 30. Hanyar C zuwa B yashi ce kusan duka, ta C zuwa D kwalta ce amma da zagaye, D zuwa B burji. Daga B ko D zuwa sito kwalta ce.

Malama mai taswira:
Madalla. Bari mu fara da dabarar ɗan'uwanmu na Kafin Hausa. Mafi kusa da sito A ne, 6. Daga A mafi kusa B, 13. Daga B sai D, 8. Yanzu C kaɗai ya rage, kuma kana tsaye a wurin da ya fi ko'ina nisa da shi: 30 zuwa, 20 komawa sito. Jimla 77.

Sai a gwada wannan: sito, A, C, B, D, sito. 6 da 15 da 24 da 8 da 14, jimla 67. Bambancin daga wuri ɗaya ya fito. A yana kan hanyar C, don sito zuwa C kai tsaye 20 ne, ta A kuma 21. Wanda ya isa A ya juya ya bar C, zai biya kuɗin wannan tafiyar daga baya cikakke. Bin mafi kusa yana fara kyau, sai ya tara maka na nesa a ƙarshe. Ba koyaushe yake ɓaci haka ba, idan shaguna a jere suke kan titi ɗaya yakan dace, shi ya sa masu burodi ba su ga aibinsa ba. A nan dai kilomita goma ya ci cikin shaguna huɗu.

Amma kada ka ba direba jerin 67 ɗin. Akwai wanda ke biye da shi: sito, A, C, D, B, sito, jimla 68. Farkonsu ɗaya har zuwa C, daga nan suka rabu. Mu ce Kanta da kaya tana yin kilomita 60 a awa kan kwalta, 40 kan burji, 20 cikin yashi, kai da direbanka za ku gyara waɗannan. A jerin 67, C zuwa B minti 72, B zuwa D 12, D zuwa sito 14, wato 98. A jerin 68, C zuwa D minti 30, D zuwa B 12, B zuwa sito 9, wato 51. Ƙarin kilomita ɗaya ya rage minti 47, kuma mota mai ɗauke da taki tana nishi a giya ta biyu cikin yashi ba ƙaramin gas take sha ba. Saboda haka da minti za ka sa na'ura ta yi lissafi, ba da tsawo ba.

Alhaji mai tifa:
Ni fa a ganina matsalarka ba taswira ba ce. Sa wa motar tiraka. Nawa direban da na sa masa, a satin farko na gane yana ratsewa garinsu ya kai wa iyali cefane kafin ya sauke yashi. Gas ɗin nan wani wajen yake tafiya.

Mai sito, Haɗejiya:
Alhaji, direbana ƙanen matata ne, kuma yarona yana gaban mota. Malama, ta ina zan yi wa duka taran?

Malama mai taswira:
A `Processing Toolbox`, ƙarƙashin GRASS, akwai `v.net.salesman`. Shi ne mai jera zango. Amma yana da tsantseni, sai ka share masa fage.

Fara mayar da leyar hanyoyi da ta shaguna zuwa `EPSG:32632`, wato tsarin awon taswira na UTM yanki na 32 arewa, da `Reproject layer`. Kano da Jigawa duk suna cikin wannan yankin, kuma awonsa mita ne. Bayanan OpenStreetMap yawanci a `EPSG:4326` suke zuwa, awonsu digiri, digiri ɗaya kuma kusan kilomita 111 ne. Idan ka rubuta 50 kana nufin mita alhali leyar na digiri, na'urar za ta ɗauka digiri 50 kake nufi.

Sai ka wuce da hanyoyin ta `v.clean` da `break`. GRASS ba ya juyawa daga wata hanya zuwa wata sai a inda layi ya ƙare, alhali a OpenStreetMap titi ɗaya yakan zo dogo, ƙananan hanyoyi suna manne a cikinsa. `break` zai datse shi a kowace mahaɗa. Illarsa ita ce zai haɗa har hanyoyin da suka gitta juna ba tare da haɗuwa ba, kamar wadda ta bi ƙarƙashin gada, amma a ƙauyukanku irin wannan ba ta da yawa, za ka iya dubawa da ido.

Bayan datsewar, ba kafinta ba, sai ka buɗe gurbin `gudu` ka cika 60 ko 40 ko 20, sannan ka yi gurbin `minti` a `Field Calculator`:

```
$length / 1000 / "gudu" * 60
```

Na jaddada "bayan" ne domin idan ka lissafa kafin datsewa, titin minti 30 da aka yanka gida shida kowane guntu zai gaji minti 30 ɗin. Alamarsa ita ce na'ura ta riƙa gudun babban titi tana cusa ka lungu. Kada kuma ka dogara da gurbin `surface` na OpenStreetMap, a ƙauye sau da yawa fanko ne. Zaunar da direba gaban kwamfuta ya gaya maka.

Daga nan ka ƙara sito a matsayin ɗigo na goma, ka ba `v.net.salesman` hanyoyi da ɗigogin, ka zaɓi `minti` a `arc_column`. `threshold` shi ne iyakar nisan da zai jawo shago zuwa hanya, idan akwai shagon da ke mita 200 daga layi ka ɗaga shi ya wuce haka, in ba haka ba za a tsallake shi. Ka nemi fayil ɗin `sequence`, a nan jerin yake. Zobe zai ba ka, bai san wane ne sito ba, kai za ka fara karantawa daga lambar sito. Ka ƙirga wuraren, idan ba su kai goma ba an yar da wani. Ka kuma sani kintace mai kyau yake yi, ba ya gwada duka jerin dubu ɗari da tamanin ɗin, don haka idan ka ga wuri biyu da musanya su zai fi, lissafa da hannu yadda muka yi a sama.

Shagon da aka ce babu hanya kuwa, kusan tabbas guntun hanyar da ya fi kusa da shi bai manne da sauran ba. Matso da taswirar sosai a inda hanyar ƙauyen ta haɗu da titi, za ka ga giɓin mita biyu ko uku da ba a gani daga nesa. Kunna `snapping` ka ja bakin layin ya hau titi, kafin ka wuce da hanyoyin ta `v.clean`. Na fi son gyaran hannu a kan ɗaga `Topology tolerance` da yawa, domin idan ya yi girma yakan liƙa hanyoyi biyu da rafi ya raba.

Direban Auyo:
Malama ta yi bayani, amma ni da sitiyari a hannu ina da ja. Yashin da kika sa wa 20, da rani ne haka. Idan an yi ruwa ya lafa, yashi yakan daddale, a nan ma muke samun gudu. Wadda ke kashe mu da damina ita ce ta fadama, mai laka. Daga Agusta zuwa Satumba idan kogin Haɗejiya ya kawo, akwai kwalbatin da ko babur ba ya bi, taswira kuma tana nuna layinta garau. Taki kuwa da damina ake nemansa.

Malama mai taswira:
Gaskiyarka, Malam. To a yi gurbi biyu, `minti_rani` da `minti_damina`, kowanne da gudunsa. Hanyar da ruwa ya yanke a sa mata `-1`, GRASS yana ɗaukar wannan a matsayin rufaffiya. Jeri biyu ke nan a shekara, ko fiye. Idan rufewar ta yanke wani shago gaba ɗaya, a cire shi daga ɗigogin ranar, don na'urar ba za ta iya rufe zoben ba.

Direban Auyo:
Sai kuma ta wane gefen zoben za a fara. A takarda A, C, D, B da B, D, C, A ɗaya ne. A ƙasa ba ɗaya ba ne. Ni zan so in sauke buhuna masu yawa tukuna kafin in shiga hanya mara kyau, mota ta yi sauƙi. Kuma yaran lodi su san jerin tun a sito, kayan shagon ƙarshe su shiga can ciki.

Ɗan Kafin Hausa:
Duk da haka ban ga inda kwamfuta ta san ranar kasuwa ba. Ka isa gari da azahar ranar kasuwarsa, awa guda ba ka ratsa shi ba. Wani mai shagon kuma sai bayan la'asar yake dawowa daga gona.

Mai sito, Haɗejiya:
Wannan ya same ni, mai shagon C ba ya buɗewa sai azahar, jerin kuma ya sa shi na biyu. Sannan idan oda ta wuce buhu ɗari sai mun yi sawu biyu.

Malama mai taswira:
Na C ɗin juya zoben ka gani: sito, B, D, C, A, sito, ya koma na uku, ka jinkirta fita kaɗan. `v.net.salesman` bai san agogo ba, bai san nauyin kaya ba. Na sawu biyu, abin da zan iya ce maka a yanzu shi ne ka raba shagunan gida biyu da kanka, ka gudanar da shi sau biyu da sito a cikin kowanne, ka gwada rabo biyu ko uku ka kwatanta mintocin. Turo yawan buhunan kowane shago mu ga yadda rabon zai kasance.