Ɗigon da ke tsakanin abinci da kuɗinsa, me za mu kira shi?

Hadiza: Assalamu alaikum. Kalma nake nema. Gwaggona tana da rumfar abinci kusa da kasuwar Dole, ta ce in buga mata takardar farashi da za a manna a bango. Na rubuta "Shinkafa da wake", na danna ɗigo na yi ta dannawa har na kai bakin takarda, na sa 500 F. Haka na yi wa kowane layi. A allon na'ura kamar sun daidaita, da aka fitar a takarda sai ga farashin ya yi tafiyar maciji, wani ya shige ciki wani ya leƙo waje. Gwaggo ta kalla ta ce, "Hadiza, ko ɗan aikena da alli ya fi ki miƙe layi." Daga baya aka nuna mini abin da Word na Faransanci yake kira Points de suite. Yanzu ina koya wa yara biyu bugu a shagonmu, kuma da Hausa muke magana. Me zan ce musu sunansa?

Mushe Laminu: Wa'alaikumus salam. Kafin suna, a rarrabe, don abu biyu ne aka haɗa. Akwai wurin da rubutu yake zuwa ya tsaya in kin danna Tab, akwai kuma ɗigon da ke cike ratar. Na farkon shi ke miƙe layin, ɗigon ado ne da taimakon ido. Abin da ya karkatar da taki takardar shi ne haruffa ba faɗinsu ɗaya ba: m ta fi i faɗi nesa ba kusa ba, don haka "Dambu" da "Tuwon masara da miyar kuka" ba sa ƙarewa inda ɗigon hannu zai cike daidai. Kullum sai an rage rabin ɗigo ko an zarce.

Ga yadda nake yi. A takardar A4 faɗi santimita 21 ne, in an bar 2,5 a kowane gefe, saura 16. Ki zaɓi dukkan layukan abincin tukuna, sannan ki buɗe Paragraphe, ki danna Tabulations. A Position ki rubuta 16 cm, a Alignement ki zaɓi Droite, a Points de suite ki zaɓi na 2, ki danna Définir, sai OK. Daga nan sunan abinci, Tab sau ɗaya tak, farashi. In kin kunna alamar ¶ mai nuna alamomin da ke ɓoye, ya kamata ki ga kibiya ɗaya a kowane layi:

```
Dambu→250 F
Shinkafa da wake→500 F
Rabin kaza→2 000 F
```

Wurin tsayawar ni "turke" nake ce masa. An kafa shi a 16, duk farashin da ya zo nan za a ɗaure shi.

Sani mai shayi: Ni fa Mushe ba ni da tab, wayata ƙarama ce. Dole sai an sayi babbar wayar nan kafin a yi?

Mushe Laminu: A'a Malam Sani, ba tabilet ba. Maɓalli ne a hannun hagu, mai kibiyoyi biyu, saman wanda ke sa manyan baƙaƙe. Kai dai ka kai wa Hadiza jerin kayanka ta buga maka.

Balkisa: Turke bai kwanta mini ba, Mushe. Dabbar da ke turke tana zagaya shi ne, ta kowane gefe. Shi kuwa wannan tafiya ake yi daga hagu a zo a sauka. "Zango" nake gani. Mu 'yan Damagaram ba sai an fassara mana zango ba, ga unguwa sukutum da sunan. Kuma ana iya yin zango biyu a layi ɗaya, na ƙaramin faranti a 12, na babba a 16, kamar ayari. Ɗigon kuma a ce masa "jerin gwano", duk wanda ya ji ya ga hoton.

Mushe Laminu: Zango ya yi daɗin faɗi. Abin da nake so a turke shi ne ana kafa shi, ana tuge shi, ana matsar da shi a kan Règle, wato ma'aunin da ke saman takarda a allo, kuma ainihin abin da hannu ke yi ke nan. Ba a tuge zango. Jerin gwano kuwa yana da matsala ɗaya: a cikin akwatin akwai na 3 mai gajerun sanduna, da na 4 layi miƙaƙƙe irin na wurin sa hannu. Layi miƙaƙƙe ba gwano ba ne.

Hadiza: To "rakiya" fa? Aikinsa ai raka ido ne daga sunan abinci zuwa kuɗinsa, kada mutum ya karanta dambu ya sauka a kuɗin kaza. Sai a ce ɗigon rakiya, in layi ne a ce layin rakiya.

Balkisa: Wannan ya zauna. Na janye gwano, amma ban janye zango ba.

Isufu: Ni dai ina ganin tunda lissafi ne, Décimal ya kamata a zaɓa ba Droite ba, haka aka koya mana. Kuma duk wannan wahala ce, a yi Tableau mai gida biyu a ɓoye layukansa, an gama.

Mushe Laminu: Décimal na lambobi masu waƙafi ne, irin 12,50. Wa ya taɓa biyan rabin tamma a rumfar abinci? Farashinmu cikakku ne, Droite ya wadatar: sifirin ƙarshe a ƙarƙashin sifirin ƙarshe, mai jika biyu ya fi mai dala hamsin tsawo ta hagu, ido ya gane nan take. Sharaɗi ɗaya, ko a sa F a kowane layi ko a cire a duka, in ba haka ba layin da babu F zai zarce 'yan'uwansa. Maganar Tableau gaskiyarka, yana miƙe farashi sarai. Sai dai ba ya ba ka ɗigon, kuma takardar da ake karantawa daga kan benci, ga rata mai faɗi, tana bukatarsa.

Hadiza: Mushe, ga wata ta taso yanzu. Gwaggo ta ce a yi ƙanana na kan teburi, na mayar da takardar A5, farashin duk ya watse, wasu ma ba na ganin su.

Mushe Laminu: Turken yana nan a 16, takardar kuwa yanzu 14,8 ce gaba ɗayanta. Ba ya bin gefe da kansa. In kin bar 1,5 a kowane gefe, saura 11,8. Zaɓi layukan duka, Effacer tout, ki rubuta 11,8 cm, ki sake zaɓar Droite da na 2, Définir. In layi ɗaya ne kawai ya ƙi, duba kibiyoyinsa: ko an danna Tab sau biyu, ko ba a haɗa da shi ba lokacin zaɓe, don kowane sakin layi da nasa yake tafiya.

Balkisa: Kun ji ko? Gari ya matsa, an bar zango a daji.

Mushe Laminu: An bar turke a gonar maƙwabci dai.

Hadiza: Ya gyaru, na gode. Ɗigon rakiya na rubuta wa yaran a allo. Wurin tsayawar kuma, turke da zango, zan faɗa musu duka biyun gobe, in ji wanda bakinsu zai riƙe. Malam Sani, ka turo jerin, ka faɗa mini ko wainar ƙwai da burodi layi ɗaya ne ko biyu.