Me za mu kira RSVP da Hausa?

Baban Hanif: Salamu alaikum. Kawuna ya turo min hoton katin liyafa da aka aiko masa daga wani ofishin jakadanci a Maitama, duk da Faransanci. Na gane 18h30 shida da rabi ne na yamma. A ƙasa an sa "Tenue de ville ou traditionnelle", sai RSVP da wata rana da adireshin imel. Yaya zan faɗa masa RSVP ɗin nan da Hausa?

Ummi: Ai "masu gayyata" ne. Duk katin bikin da na sani, a ƙarƙashinsa ake jera sunayen dangi da lambobinsu.

Malam Sani: Hajiya Ummi, haka muka mayar da shi a katunanmu, amma asalinsa "répondez s'il vous plaît" ne, wato don Allah a ba da amsa. Lambar da ke ƙasa ta wanda za a ba amsar ce. Su da amsar suke ƙirga abinci, kuma da ita suke rubuta sunayen da masu gadi za su duba a ƙofa. Wanda bai amsa ba yana iya zuwa da kati a hannu a ce babu sunansa. Ranar da ke gefe kuwa wa'adin amsa ce, kada kawu ya ɗauke ta ranar liyafa.

Ɗan Kubwa: To a ce "amsa gayyata" mana, a huta.

Malam Sani: Da sauran gyara. In ka ce wa dattijo ya amsa gayyata, zuwa zai yi da ƙafarsa, ba zai rubuta wa kowa komai ba. Ni "a sanar da zuwa ko uzuri" nake so, don wanda ba zai je ba ma ana jiran amsarsa.

Ummi: Ya yi tsawo a kan kati, Malam. "A tabbatar da zuwa" ya fi daɗin baki.

Hajiya Binta: Ni tambayata kayan. "Ville" ba gari ba ne? Ke nan kayan yawo a gari, ko jallabiya ya zura ya tafi?

Malam Sani: A'a, Hajiya. Kwat da nakatayi suke nufi. Amma tunda sun ƙara "traditionnelle", babbar riga da hula ta wadatar. Baban Hanif, imel ɗin layi biyu ne: cikakken sunansa yadda yake a katin, da cewa zai halarta. In sunansa kaɗai aka rubuta, kada ya ɗauki ɗan rakiya. Ya riƙe katin na ainihi da katin shaida, ba kowace ƙofa ke karɓar hoton waya ba.

Baban Hanif: Na gode, Malam. Na faɗa masa da naka, nan take ya gane. Amma in kati zan buga, na Hajiya Ummi zan sa.

Ɗan Kubwa: Wanda ba zai zo ba fa, me zai tabbatar?