An goge lamba 4, sauran su matso ko a bar gurbinta?

Bashir: Jama'a ku raba mana gardama ni da sakatarenmu. Dokokin ƙungiyarmu guda 12 ne a Word, taro ya soke ta 4, na goge ta sauran suka matso da kansu suka zama 11. Ni na ce shi ke nan an gama, tunda kwamfuta ce ke jera lambar babu abin da zai lalace. Shi kuma wai na ɓata takarda. Kuma ina so in mayar da su a, b, c don sun fi kyau a ido.

Ummi: Kai ne da gaskiya mana. To amfanin lambar da ke jera kanta ke nan ai, da da hannu ka rubuta su da yanzu kana nan kana bin su ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa.

Malam Habu: Bashir kafin a ba ka gaskiya, akwai wata doka a ciki da ke ambaton wata da lambarta? Irin "kamar yadda ya zo a doka ta kaza".

Bashir: Akwai Malam, ta 9 ta ce wanda ya saɓa doka ta 6 za a dakatar da shi. Ta 6 ɗin kan taɓa kuɗin ƙungiya ba izini ce.

Malam Habu: To je ka karanta abin da ke lamba 6 yanzu. Da ka cire ta 4, tsohuwar 5 ta koma 4, tsohuwar 6 ta koma 5, tsohuwar 7 ita ce ta hau kujerar 6. Ita kuma dokar dakatarwar ta koma 8 amma cikinta har yanzu "doka ta 6" take cewa, don wannan shidan da yatsanka ka buga shi, Word bai san yana da alaƙa da jerin ba, a wurinsa rubutu ne kamar kowane. Lambobin gefe kawai yake lissafawa.

Bashir: Innalillahi. Ta 7 ɗin kan makara zuwa taro ce fa. Wato yanzu takardar cewa take duk wanda ya makara a dakatar da shi, mai cin kuɗi kuma ya sha 😂

Ummi: To ai wannan ba laifin matsowar ba ne, gyara ɗaya ne, ya mayar da 6 ɗin 5 a wuce wurin.

Malam Habu: A takarda mai shafi biyu haka ne Ummi. Mai shafi 40 fa, da ambato ashirin a warwatse? Hanyar da ta fi ita ce tun farko kada ka buga lambar da hannu. Ka aje alamar rubutu inda kake son ta fito, ka shiga `References` ka danna `Cross-reference`, a `Reference type` ka zaɓi `Numbered item`, a `Insert reference to` ka zaɓi `Paragraph number`, sai ka nuna dokar da kake nufi. Daga nan lambar ta ɗauru da dokar kanta duk inda ta koma. Sai dai ba ta canzawa nan take, nan mutane ke faɗawa rami, bayan ka goge abu sai ka danna `Ctrl+A` sannan `F9` kafin ta sabunta. In kuma dokar da ake ambata ɗin ce ka goge gaba ɗaya, zai rubuta maka `Error! Reference source not found.` a wurin, wanda ni a ganina alheri ne, gara ya yi maka ihu da ya nuna doka ta daban shiru.

Kabiru: Ni nawa ma ba ya matsowa sam, na goge na uku jiya ya bar min 1, 2, 4, 5. Ko Word ɗina ne tsoho?

Ummi: Ba tsufa ba ne Kabiru, da hannu aka buga naka. Danna kan lamba ɗaya ka gani, in mai jera kanta ce duk lambobin za su yi duhu tare kuma ba za ka iya shiga tsakiyarta ka goge ba. In ka iya shiga, rubutu ne kawai. Yawanci in an kwafo daga saƙon waya haka yake zuwa.

Anti Rabi: Ni duk ban yarda da ku ba, har da Malam. Sakataren ya fi ku gaskiya. Takardar da aka riga aka raba wa mutane ba a matsar da lambarta ko da `F9` ɗin ya gyara komai. Fayil ɗinka zai gyaru, to rahoton taron bara da ya ce an hukunta wane bisa doka ta 6 fa, wa zai danna masa `F9`? Da wanda ke riƙe da tsohon kwafi a gida? Shi ya sa a dokokin ƙasashe da yawa za ka ga sashe an bar lambarsa an rubuta an soke shi, in kuma sabo za a cusa tsakanin 5 da 6 sai a kira shi 5A, ba don ba su iya ƙirga ba. Bashir ka mayar da 4 ɗinka ka rubuta "an soke" a gabanta.

Malam Habu: Ban musa ba Anti, in an riga an raba. Ni ina maganar daftarin da bai fita ba ne.

Bashir: An raba kam tun shekara biyu. Amma gaskiya "4. an soke" a tsakiyar takarda ba kyan gani, kamar haƙori ya fita.

Anti Rabi: Giɓi ya fi a dakatar da mai makara ɗan nan.

Ummi: Amma Anti in aka bi taki bayan shekara goma rabin takardar "an soke" ne da 5A da 5B. Wata rana dole a zauna a sake jerawa a sa kwanan wata a sama a ce wannan ne sabon bugu.

Bashir: To batun a, b, c ɗin fa? Wannan kam ai salo ne kawai, kibiyar da ke gefen `Numbering` zan danna in zaɓa.

Malam Habu: Sauyawar ba wuya, danna kan lamba ɗaya su yi duhu duka sai ka zaɓi salon, in ba haka ba layin da kake kai kaɗai zai iya canzawa ya bar sauran. Amma ambaton da ka buga da hannu zai ci gaba da cewa 6 alhali babu 6 a takardar kuma, f ce. Sannan ƙananan sassan da ke ƙarƙashin dokokin da wane salo suke?

Bashir: Na Romawa, i, ii, iii.

Malam Habu: To harafi na tara shi ne i. Doka ta tara za ta zama i, sashenta na farko ma i, in wani ya ce "duba i" ba ka san wanne yake nufi ba. Da jerin ya yi tsawo haka za ka sake karo da v a na 22 da x a na 24. In ya wuce 26 kuma Word aa, bb, cc yake ci gaba, shafin intanet kuwa aa, ab, ac yake yi, ka ga abu na 28 a can bb a nan ab. Ni dai in za a riƙa ambaton abu da baki a taro, alƙaluma nake sawa a sama, haruffa a ƙarƙashi, na Romawa a mataki na uku.

Kabiru: Wai in Hausa ake rubutawa bayan b ba ɓ ya kamata ya zo ba?

Ummi: Ba ya cikin jerin da yake bayarwa, daga b sai c. In kana son ɓ da ɗ sai da hannu, ka koma matsalarka ta jiya.

Bashir: Shi ke nan na bar alƙaluman yadda suke, na dawo da 11 ɗin zuwa 12 na sa "an soke" a 4 kafin taro na gaba, a can zan kawo maganar Ummi ta sabon bugu.

Anti Rabi: In za ku yi sabon bugun ku haɗa da shafi ɗaya mai nuna tsohuwar lamba da sabuwa.

Ummi: Shafi guda don dokoki 11 Anti? Layi biyu ya isa, daga ta 5 zuwa ƙasa kowacce ta ragu da ɗaya.